Tarihin Ango: Darasin Da Na Koya Ranar Da Na Kunyata Abokina



Duk shekara idan watan Sha'aban ya kama, katin biki yakan yi mana yawa a nan Zungur, domin kowa yana so a ɗaura kafin azumi. A Asabar ɗaya sai ka halarci ɗaurin aure uku, ka fara daga Liman Katagum ka ƙare a cikin gari wajen Ƙofar Ran. A irin wannan lokaci ne samari suke yawan tare ni bayan sallar Isha'i, kowa da takarda a hannu: "Yaya, an ce ni zan ba da tarihin ango, don Allah ka duba mini." Suna zuwa wurina ne don sun san aikina rubutu ne. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne, ba a aji na koyi wannan abu ba. Na koye shi ne ranar da na kunyata babban abokina a gaban surukansa, kuma har yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tare muka yi difloma da shi, ɗaki ɗaya muka kama haya a Gwallameji, kwano ɗaya muke ci. Da aurensa ya tashi babu wanda ya tsaya tambayar wa zai zama babban abokin ango. An ɗaura aure da safe, da dare aka yi dina a wani ɗakin taro a cikin gari. A teburin gaba akwai mahaifinsa da kawunsa, da baffan amarya wanda ya yi mata waliyyi, da wasu dattawa biyu daga unguwarsu. Abokanmu na makaranta suna can baya. Da emsi ya kira ni, ban rubuta komai ba, na dogara da cewa ni mai baki ne a majalisa.

Na fara da kiran sa da sunan tsokanar da muke kiran sa a ɗaki. Aka yi ihu daga baya. Daɗin ihun ya ɗebe ni, sai na shiga lissafa gidajen da na raka shi zance kafin Allah ya kawo wannan, har na ambaci sunan yarinya ɗaya da unguwarsu. Na rufe da cewa littafin bashin mai shayinmu har yanzu yana jiran sa. Abokai suna ta buga tebur. Sai da na juyo zan miƙa makirufo na lura teburin gaba tsit yake. Baffan amarya ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mahaifin ango yana kallon bango. Shi kuwa ango ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa, yana wani murmushi da bai wuce leɓe ba.

Washegari kawun ango ya aika aka kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a sake, sannan ya ce, "Ɗana, abin da ka faɗa jiya gaskiya ne?" Na ce, "Gaskiya ne, Kawu, amma wasa nake yi." Ya ce, "Na san wasa kake yi. Da wa kake wasan? Kai abokin wasansa ne, wannan babu gardama. To baffan yarinyar nan fa, abokin wasan wa ne a cikinku? Jiya da safe muka zauna a gabansa muka ce ɗanmu mai natsuwa ne, mai riƙon amana, ya ba mu 'yarsa a kan maganarmu. Da dare kai kuma ka tashi ka ce masa mun yi ƙarya." Bai ɗaga murya ba, bai ƙara komai ba, ya sallame ni.

Abin bai tsaya nan ba. Abokina ya yi watanni yana jan ƙafa wajen zuwa gaida surukansa, idan ya je ma ba ya iya ɗaga kai. Sunan yarinyar da na ambata ya zama abin da ake ɗaukowa a gidansa duk ranar da aka sami saɓani. Bai taɓa ce mini uffan ba, amma an daɗe kafin hirarmu ta koma yadda take. Magana zarar bunu ce, ni na zara a minti biyar, shi ya yi ta kwashewa.

Tambayar Kawu ita ce ta buɗe mini ido, kuma a kanta duk abin da zan faɗa ya tsaya. A wurinmu barkwanci yana da hanyoyinsa, kowa ya san wanda yake da izinin tsokanar wani. Jika yana wasa da kakarsa. Taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, suna wasa da juna. Bafulatani da Babarbare idan suka haɗu sai wanda ya gaji, haka Bakano da Bazazzagi. Abokai sa'o'in juna kuma suna da nasu a majalisa. Akwai kuma inda kunya ce take mulki: tsakanin mutum da surukansa, da tsakanin iyaye da ɗansu, musamman ɗan fari wanda a gidaje da yawa ko sunansa uwa ba ta kamawa. Iyayenmu sun raba waɗannan wurare biyu a tsarin biki. Wajen ɗaurin aure na manya ne, waliyyi da wakili da liman da shaidu, abokin ango aikinsa raba goro da alewa da dabino. Wasan abokan ango da ƙawayen amarya kuma an ajiye masa lokacin sayen baki, bayan an kai amarya, inda babu dattijo ko ɗaya.

Dina da walimar zamani su suka zo suka haɗa waɗannan mutane a ɗaki ɗaya, suka kuma miƙa wa abokin ango lasifika. Al'adar jawabin ta Turawa ce, a wurinsu aboki yakan tashi ya tona wa ango tsofaffin labarai, uban amarya yana zaune yana dariya. Samarinmu suna kallon bidiyon irin wannan a waya, sai su ɗauko salon ba tare da sun lura cewa surukin can da na nan ba ɗaya ba ne. Mu a nan sunan da muka ba abin ma ya nuna bambanci, tarihin ango muke cewa. Kai mai ba da shaida ne a gaban mutanen da suka ba da 'yarsu. An yarda ka ba su dariya, har ma ana so, domin jawabin da babu raha a cikinsa yakan zama kamar karanta takardar neman aiki. Amma dariyar dole ta bi hanyar da al'ada ta buɗe, ko kuma ta faɗa a kanka kai mai magana. Ango kuwa ya fita daga wurin da girmansa ya ƙaru.

Bari in nuna yadda wannan yake aiki da misalin wani ƙanenmu da ya zo mini a bikin baya. Abokinsa tela ne, yana da shago kusa da Kasuwar Wunti, kuma walima za a yi a ƙofar gidansu bayan La'asar, maza a rumfa, mata a cikin gida suna jin lasifika. Ya zo da shafi uku cike, labari uku a ciki. Kafin in karanta na tambaye shi su wa za su zauna a gaba. Ya ce bai sani ba. Na ce ya koma ya tambayi mutum ɗaya daga gidan ango da mutum ɗaya daga gidan amarya, ya rubuto mini sunaye da sarautu da dangantaka. Wannan shi ne mataki na farko, tun kafin a rubuta kalma ɗaya, domin ba ka san abin da za ka faɗa ba sai ka san kunnen da zai ji. Ya dawo da jerin: mai unguwa, limamin masallacin Juma'a, mahaifin amarya da ƙannensa biyu, mahaifin ango, da kakar ango ta wajen uwa wadda za ta zauna a zaure. Ya kuma gano cewa dangin amarya Barebari ne, ango kuwa Bafulatani.

Sannan muka tace labaran. Matatar da nake amfani da ita tambaya ɗaya ce: gobe da safe idan ango ya je ya durƙusa gaban surukinsa, wannan labari zai sa ya ƙara sunkuyar da kai, ko zai sa surukin ya ce masa "tashi ka zauna a kujera"? Labari na farko na wata yarinya ce da ango ya nema aka hana shi. Wannan ko kallo na biyu bai samu ba. Duk abin da ya shafi wata mace da ba amarya ba, ko da ba a kama suna ba, ya fita. Labari na biyu shi ne yadda ango ya taɓa ɓuya a bayan shago ranar jajiberin Sallah saboda masu kaya sun taru. Ƙanen namu ya so wannan ƙwarai, ya ce kowa ya san tela da saɓa alkawari, za a yi dariya. Na ce lallai za a yi, amma abin da mahaifin amarya zai tafi da shi gida shi ne ya ba da 'yarsa ga mai gudun alkawari, kuma a cikin rumfar akwai masu kawo masa ɗinki. Ka taɓa mutuncinsa ka taɓa abincinsa a jimla ɗaya. Haka bashi yake, haka faɗuwa jarrabawa, haka rowa, haka duk wani abu da ya shafi jikinsa ko lafiyarsa ko wata rigima ta gidansu.

Labari na uku a ƙasan shafi yake, layi biyu kawai, shi kansa bai ɗauke shi da muhimmanci ba. Wata Sallah ango bai ɗinka masa kayansa ba, da safe sai ya ba shi tasa sabuwar riga. Na tambaye shi me ya sa ba a ɗinka nasa ba. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ni ba na biya." Na tambaye shi rigar ta yi masa daidai? Ya ce ina, ango dogo ne shi gajere, haka ya je Idi yana jan ta a ƙasa. Na ce shi kuma ango me ya sa? Ya ce tsohuwarsa ta bara. Na ce masa to ga jawabinka nan, sauran shafukan ka ajiye wa daren sayen baki, can ma ka bar maganar yarinyar.

Dubi abin da ke cikin wannan ɗan labari. Wanda ake yi wa dariya shi ne mai magana: shi ne gajere, shi ne ba ya biyan kuɗin ɗinki. Maganar tela da alkawari tana nan a ciki, amma ta juya, domin ango ya fara cika wa waɗanda suka biya. Ƙarshensa kuma hali ne da duk uban da ya aurar da 'ya yake so ya ji, mutumin da zai cire tasa ya ba wani. Irin labarin da ake nema ke nan, wanda dariya da yabo suke fitowa daga abu ɗaya. Ba sai ka tsaya ka ce ango mai kyauta ne, mai haƙuri, mai kirki ba. Waɗannan kalmomi kowane abokin ango yana faɗar su, kunne ya saba da su har ba ya ji. Riga mai jan ƙasa kuwa ba a mantawa da ita.

Daga nan muka jera jawabin, kuma jerin yana da dalili. An fara da sallama da gaisuwa, daga mai unguwa zuwa liman, sannan iyayen amarya, sannan iyayen ango, sannan iyaye mata da ke cikin gida, abokai a ƙarshe. Ana sa iyayen amarya gaba da na ango domin su ne baƙi, kuma kai daga ɓangaren ango kake. Gaisuwar ba ɓata lokaci ba ce. Ita ce take gaya wa dattawa cewa yaron nan ya san suna wurin, kuma dattijon da aka ba girmansa tun farko yakan saki fuska ya karɓi wasan da zai biyo baya. Amma kada a mayar da ita kiran rajista. Mutum biyar ko shida da sunan sarautarsu daidai, sauran a haɗa su da "sauran iyayenmu da malamanmu". Kuskuren sarauta, ko tsallake babba a kira ƙarami, ya fi mugun barkwanci saurin ɓata rai, shi ya sa jerin nan da aka tambayo daga gidajen biyu yake da amfani.

Bayan gaisuwa sai ka faɗi ko kai wane ne a wurin ango, cikin jimla biyu, kuma a nan ne dariyar farko take, ƙarama, a kanka. Sai tarihin kansa a taƙaice: inda aka haife shi, wajen wa ya yi karatun allo, wa ya koya masa sana'a. Wannan yanki samari sukan raina shi, alhali shi ne yankin dattawa. Idan ka ambaci malamin da ya koya masa karatu ko maigidan da ya yaye shi a ɗinki, ka yabi mutane da yawa a lokaci ɗaya, kuma sau da yawa suna zaune a wurin. Sai labari guda ɗaya, ba biyu ba. Sai ka juya ga gidan amarya da godiya. Sai addu'a. Ga yadda tsakiyar jawabin ya kasance a bakinsa, kamar yadda muka rubuta:

"Iyayena, ni ne abokin da ango ya fi yi wa ɗinki, kuma ni ne wanda bai taɓa biya ba. Wata Sallah na kai masa yadi tun farkon azumi. Daren Sallah na je karɓa, na tarar ya gama na kowa, nawa yana nan a ninke yadda na kawo shi. Na ce masa, haba, ni fa abokinka ne. Ya ce, waɗannan alkawari na yi musu, kai kuwa haƙuri zan ba ka. Da asuba sai ga shi a ƙofar gidanmu da tasa sabuwar riga. To kun dai gan shi, kun gan ni. Haka na tafi Idi ina share hanya, duk wanda ya biyo bayana ranar bai taka ƙaya ba."

A nan na ce masa ya tsaya, ya bar mutane su gama dariya, ya ƙirga uku a zuci, sannan ya sauke murya:

"Sai da muka idar da salla na waiwaya na gan shi a sahun baya da rigarsa ta bara. Bai taɓa tayar da maganar ba har yau, ni ne na roƙe shi ya bar ni in faɗa. Baba, wannan shi ne mutumin da kuka ba 'yarku."

Wannan tsayawar ita ce gadar da ke tsakanin raha da taushin zuciya. Wanda ya yi sauri ya ɗora maganar a kan dariya, ba za a ji ta ba. Mu mutanen Bauchi ma bai kamata a koya mana wannan ba. Duk wanda ya taɓa sauraren muryar marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa a jawabinsa na ranar 1 ga Oktoba, 1960, ya san yadda yake ajiye kalma ya bar ta ta zauna kafin ya ɗauko wata.

Za ku lura ya ce ya roƙi ango kafin ya faɗa. Wannan ba ado ba ne, sharaɗi ne. Kwana biyu kafin biki ya je ya karanta wa ango jawabin gaba ɗaya. Wasu suna cewa hakan yana kashe daɗin ba-zata. Ba-zata ta jama'a ce, ba ta ango ba. Akwai abin da kai kake gani alheri ne, shi kuwa yana da dalilin da ba ya so a ji, wataƙila wani taimako ne da ya yi a ɓoye, ko labarin ya taɓa wani ɗan uwa da ba ka sani ba. A wannan karon ma ango ya cire abu ɗaya. Mun sa layin da ke cewa shi ya riƙe ƙannensa a makaranta, sai ya ce a cire, domin mahaifinsa yana zaune kuma za a ji kamar an ce ya gaza. Ni da ƙanen namu babu wanda ya hango wannan. Bayan ango, sai a karanta wa babba ɗaya, yaya ko kawu mai sauƙin kai. Idan ya ɗan yi shiru a wani wuri kafin ya ce ba komai, to akwai komai, a cire.

Saura hanyoyin wasa da al'ada ta buɗe. Akwai biyu a gabanmu, muka ɗauki ɗaya muka bar ɗaya. Wanda muka ɗauka shi ne na kaka. Kowa ya san kaka tana kiran jikanta mijinta, matarsa kuma kishiyarta. Don haka kafin addu'a ya juya wajen zaure ya ce, "Hajiya Kaka, sai haƙuri, yau dai an yi miki kishiya." Wannan wasa ne da dattawa suka fi samari jin daɗinsa, domin nasu ne, kuma tsohuwar ta rama daga inda take, mata suka ɗauki guɗa a cikin gida. Wanda muka bari shi ne na Fulani da Barebari. Wasan halas ne, amma ba daga bakin yaro zuwa ga uban amarya ba, kuma ba daga bakin wanda shi ba Bafulatani ba ne ba kuma Babarbare ba. Idan wani dattijo a cikinsu ya buɗe shi, sai ka yi dariya tare da kowa. Kai dai ba kai za ka fara ba.

Game da amarya, ƙa'idar gajeriya ce. Ka yabi tarbiyyar gidansu, ka gode wa iyayenta, ka tsaya nan. Kada ka siffanta kyanta, kada ka ba da labarin yadda suka haɗu sai idan ka tabbata abin da iyayen suka sani ke nan, domin sau da yawa labarin da ke wurin abokai daban yake da na wurin iyaye. Kada ka taɓa maganar sadaki ko lefe ko wanda ya ba da gudummawar nawa. Kada ka yi habaicin daren farko ko da a kaikaice, dattawa sun riga ka sanin duk wani zaurance. Idan kuma ƙari ango ya yi, ka ambaci uwargida da girmamawa sau ɗaya, ka yi mata addu'a, kada ka kwatanta, kada ka ce sai yanzu ya samu natsuwa.

Tsawon jawabin duka minti huɗu muka auna da agogon waya, ya karanta da ƙarfi sau uku a tsakar gidana. A rubuce bai kai shafi biyu na littafin makaranta ba. Abin da ya tafi da shi wurin walima kuwa ƙaramar takarda ce mai sunayen manya da kalma biyar na tuni: gaisuwa, ni, malamai, riga, addu'a. Mai karanta takarda kai a sunkuye ba ya ganin fuskokin mutane, kuma fuskokin nan su ne ma'auninka. Na kuma sa ya sami emsi tun kafin a fara, ya roƙe shi kada ya katse shi da tambaya, kada kuma a saki kiɗa ko a fara liƙi sai ya ce amin. Jawabai masu kyau da yawa sun lalace ne a daidai lokacin da emsi ya kutso ya ce, "To gaya mana, 'yan mata nawa ya yi kafin wannan?" Idan hakan ta faru duk da roƙon, amsar a shirye take: "Ni dai ɗaya na sani, ga ta nan Allah ya ba shi."

Ko ka shirya yaya, ka riƙa duba alamu. Kada ka auna da ihun baya, abokai za su yi dariya ko me ka faɗa. Ka dubi teburin gaba da fuskar ango. Idan dariya tana tashi daga baya kaɗai, idan dattijo ya sunkuya ya kama carbi ko ya juya yana yi wa na kusa da shi magana, idan ango ya shiga gyara hula ko latsa waya, to ka taka inda bai kamata ba. A nan kada ka ce "wasa nake yi", domin ka ƙara nuna wurin ne da yatsa. Kada kuma ka ƙaro wani barkwancin don ka gyara. Ka yanke labarin a inda yake, ka ce, "Iyayena, a gafarce ni, baki ne na yaro," ka wuce kai tsaye zuwa addu'a. Ba a taɓa jin wanda aka zarga don ya gajarta ba.

Akwai kuma wurin da duk wannan tsari ba ya aiki. Idan walima ce ta wa'azi, malami ya gama nasiha yanzun nan, ko kuma gidan an yi rashi kwanan nan, ko gida ne da aka san ba su son raha a taro, to ka ajiye labarin riga. Gaisuwa, shaida ta jimla uku, addu'a, minti biyu ka zauna. Wanda zai gaya maka irin gidan shi ne mutumin nan da ka tambaya tun farko.

Ranar walimar telan ina zaune a gefen rumfa. Da aka zo wajen share hanyar Idi, liman ya yi dariya har ya dafa kafaɗar mai unguwa. Da ƙanen namu ya ce, "Baba, wannan shi ne mutumin da kuka ba 'yarku," mahaifin amarya bai ce komai ba, ya gyaɗa kai sau biyu. Bayan an tashi na ga ya kira yaron, ya riƙe hannunsa ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma daga yau ka riƙa biyan kuɗin ɗinki, yanzu yana da iyali."

Da daren nan na kira abokina na Gwallameji, wanda yanzu babbar 'yarsa ta kusa gama sakandare. Na ba shi labarin duka, na kuma ba shi haƙurin da ban taɓa ba shi da baki ba. Ya yi dariya ya ce ya daɗe da yafewa, sannan ya ce ranar auren 'yar tasa zai ba ni aikin raba goro.

Allah ya ba angwaye da amarenmu zaman lafiya, ya kaɗe fitina, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Mu kuma ya tsare mana harsunanmu. Amin.